Labarin daƙiƙa tamanin da biyar a cikin jawabin neman jari: nazarin lamarin wani ɗan gwari a Mile 12

Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa ɗan gwari ne mai shekara 34, wanda ya tashi a kasuwar Mile 12 da ke Legas, inda mahaifinsa ya yi dillancin tumatir har ƙarshen rayuwarsa. Kayansa daga yankin Kura da Kadawa na jihar Kano suke fitowa, tafiyar kimanin kilomita 1,000, ta Zariya da Kaduna da Mokwa da Jebba da Ilorin da Ibadan. Kamar yawancin abokan sana'arsa, a cikin kwando ake zubo masa tumatir, a jera kwanduna bisa juna a cikin babbar mota, a kwana biyu ko uku a hanya idan an yi sa'a.

Abin da yake so shi ne ya sayi kiret na roba guda 1,000, irin mai ɗaukar kilo 25, ya riƙa lodin nasa kayan a ciki, ya kuma bayar da ragowar haya ga wasu fatake. Ba shi da jarin. Amma akwai wata ƙungiyar 'yan kasuwa Hausawa da ke zama a Agege ranar Lahadin farko ta kowane wata, mutum goma sha huɗu, cikinsu akwai 'yan canji da dillalan shanu da masu motocin dakon kaya da wata Hajiya mai sayar da atamfa a kasuwar Balogun. Sukan haɗa kuɗi su zuba a harkar da suka gamsu da ita, a raba riba. Ƙa'idarsu ita ce mai neman jari yana da minti 15 ya yi bayani, sannan minti 10 na tambayoyi.

Yana da hujja a hannu. A kakar 2023 ya ari kiret a wurin wani abokinsa, ya riƙa haɗa su da kwanduna a lodi goma sha biyu, yana auna abin da ya iso lafiya da abin da ya fashe, yana rubutawa a littafi. Lissafinsa ya nuna cewa a cikin kowane kilo 100 na kwando, kilo 31 kan iso a fashe, irin wanda ake karyar wa masu abinci a farashin ko-oho, alhali a cikin kiret kilo 6 ne kawai. Sau uku ya tsaya a gaban ƙungiyar, ni kuma na shigo lamarin ne bayan zama na biyu, domin aikina ke nan, taya ƙananan 'yan kasuwa shirya takardu da jawabin neman jari. Abin da ya faru kafin nan shi ya ba ni labari, kuma sakataren ƙungiyar ya tabbatar mini da shi.

7 ga Janairu 2024: jawabi na alƙaluma zalla

Ya je da kwamfuta da majigi da shafuka goma sha ɗaya. Shafi na farko girman kasuwar, na biyu yadda ake lodi, na uku farashin kiret, na huɗu jadawalin kilo 31 da kilo 6, sauran kuma lissafin haya da riba da lokacin da jari zai dawo. Ya gama cikin minti 13, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Wanda ya fara magana wani dattijo ne mai motoci shida a kan hanyar Arewa. Ya ce: "Yaro, ka yi ƙoƙari, amma tumatir rana da hanya ke kashe shi. Motar da ta kwana huɗu a Mokwa, ko a cikin akwatin zinare ka zuba shi, ruwa za ka sauke." Da yawa suka gyaɗa kai. Ɗan gwarin ya koma shafi na huɗu ya sake karanta lambobin, sai wani ɗan canji ya ce wataƙila motocin da ya sa kiret a ciki su ne suka yi gudu, ko kuma ya zaɓi tumatir mai ƙwari ya zuba a kiret. Shugaban zaman ya rufe maganar da cewa a ba su lokaci su yi nazari, wanda duk ɗan kasuwa ya san ma'anarsa.

Abin lura a nan shi ne babu wanda ya ƙaryata shi, kuma babu wanda ya ce tumatir ba ya lalacewa. Saɓaninsu a kan dalilin lalacewar yake. Shi yana cewa mazubi ne, su suna cewa hanya ce.

4 ga Fabrairu: labari a farkon jawabi

Wani abokinsa da ya halarci wata bita a Ikeja ya gaya masa cewa an ce mutane ba sa tuna lambobi, labari suke tunawa, don haka ya buɗe da tarihin kansa. Ya nemi a sake ba shi dama, aka ba shi saboda darajar mahaifinsa.

Wannan karon ya fara daga ranar da ya sauka a Legas yana ɗan shekara tara, ya bi ta yadda yake riƙe wa mahaifinsa littafin bashi, ya zo kan shekarar da wata motar tsohon ta lalace bayan Jebba, kayan suka ruɓe gaba ɗaya, bashin manoma ya hau kansa, ya sayar da filinsa na gida ya biya, bai kuma sake miƙewa ba har Allah ya karɓi ransa. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma muryarsa ta yi rawa a wurin da ya dace ta yi rawa. Sakataren ya ce labarin ya ci minti shida da rabi. Saura minti takwas da rabi ga shafuka goma sha ɗaya, sai ya bi ta kansu a guje, jadawalin kilo 31 da kilo 6 bai yi daƙiƙa ashirin a kan allo ba.

Ɗakin ya yi tsit, aka yi wa mamacin addu'a. Hajiyar ta ce: "Allah ya jiƙan Alhaji, mutumin kirki ne, mun san shi." Sannan dattijon nan mai motoci ya ce, cikin tausasawa: "To ka ji, ɗana, ai maganata ka maimaita. Mota ce ta lalace ta karya mahaifinka." Bayan an tashi, mutum biyu suka ja shi gefe suka ce idan yana cikin matsi ne ya faɗa, za a taimaka masa da wani abu tsakani da Allah. Ya ce mini wannan ya fi ƙin amincewar farko ciwo, domin ya je a matsayin abokin ciniki, ya fito ana masa kallon mai neman taimako.

Mako uku na gyara

Da ya zo wurina a Idi-Araba, ban fara da labari ba. Na ce ya rubuta mini a jimla ɗaya abin da mutanen nan ba su yarda da shi ba. Ya rubuta ya goge har sau huɗu kafin ya tsaya a kan wannan: a mota ɗaya, a rana ɗaya, kwando na fasa tumatir, kiret ba ya fasawa. Daga nan muka sa wannan jimla ta zama ma'aunin duk labarin da zai shiga jawabin. Labarin mahaifinsa bai tsallake ba, saboda babu kiret a cikinsa ko guda, abin da yake nunawa kawai shi ne lalacewar mota masifa ce, wanda shi ne ra'ayin masu ja da shi.

Na tambaye shi yaushe shi kansa ya yarda da kiret, tunda ba da yardar aka haife shi ba. Ya yi shiru, sannan ya ce a da shi ma dariya yake wa masu kiret. Abin da ya sauya shi wata ranar Fabrairun 2023 ce, lokacin da motar da ta ɗauko kwandunansa ta ɗauko har da kiret arba'in na abokin nan nasa da daga baya ya ari kiret a wurinsa, ta kuma lalace a Mokwa ta kwana a gefen titi. Ya faɗi wannan a taƙaice kamar ba wani abu ba ne, alhali shi ne labarin da ake nema tun watan Janairu, domin a cikinsa akwai ainihin abin da dattijon ya kafa hujja da shi, wato mota ta lalace a Mokwa, kuma kwando da kiret sun sha rana ɗaya da jinkiri ɗaya.

Aikin da ya biyo baya na yanka ne. Da na ce ya ba da labarin yadda ya zo masa, na ɗauka a waya, ya yi minti huɗu da daƙiƙa goma. A ciki akwai rigimarsa da direba a waya, da kuɗin bakanike, da yadda matarsa ta hana shi fita da dare, da sunan manomin da ya sayar masa. Muka bi jimla bayan jimla muna tambaya ko mai sauraro na bukatarta kafin ya yarda cewa mota ɗaya ce kuma sakamako biyu ne. Abin da ya rage kashi huɗu ne: lokaci da wuri, abin da shi ya zata, abin da idonsa ya gani, da jimlar da za ta miƙa mutane ga jadawali. Rigimar direba ta fi masa wuyar rabuwa, don tana da daɗin ji kuma tana sa dariya, amma akwai masu motoci a ɗakin, kuma da ya ambace ta da zancen ya koma kan halin direbobi.

Akwai wuri ɗaya da muka yi saɓani sosai. Ya so ya ce duk kwandunansa sun zama ruwa, kuma ko ƙwaya ɗaya ba ta fashe a kiret ba. Na ce mu buɗe littafin. Littafin ya nuna jerin sama na kwandunan ya iso da dama-dama, na ƙasa ne ya mutu, kuma a cikin kiret arba'in an tsince fasasshe cikin bokiti biyu. Na ce masa mutanen da zai tsaya a gabansu sun fi shi daɗewa a kasuwa, sun san babu lodin da ke isowa ba tabo, kuma ranar da suka kama ƙari guda a labarin, jadawalin da ke bayansa ma ya faɗi. Bokiti biyun suka shiga labarin. Na kuma sa ya nemi izinin abokin nasa kafin ya ambace shi, ya tambaye shi ko zai amsa waya idan wani daga ƙungiyar ya kira don tabbatarwa. Ya amince.

Sai maganar wurin da za a ajiye shi. Mun gwada wurare uku a gaban mutum biyar da na tara, 'yan kasuwa da ba su san harkar gwari ba. Da aka sa labarin a farko, sun ji daɗinsa, amma da na tambaye su me ya nuna, uku suka ce hanyar Arewa ba ta da kyau, saboda a lokacin ba a riga an gaya musu abin da ake gardama a kai ba. Da aka sa shi bayan jadawali, sun ce kamar yana lallashinsu ne bayan lambobi sun kasa. Da aka sa shi gab da jadawali, bayan ya furta da bakinsa ƙorafin da ake yi, duka biyar suka faɗi jimlar da ya rubuta, kowa da kalmominsa. Don haka tsarin ya zama: minti uku na gabatar da harkar, ambaton ƙorafin, labari, jadawali, sannan lissafin kuɗi. Shafuka suka ragu daga goma sha ɗaya zuwa bakwai. Muka kuma shirya ya kashe allon yayin labarin, ta hanyar danna harafin B a PowerPoint, wanda ke mayar da shi baƙi, domin mutane ba sa iya karatu da sauraro a lokaci guda, kuma ido kan bi haske.

Ban bar shi ya haddace kalma-kalma ba, sai jimlar farko da ta ƙarshe. Ya maimaita sau goma sha biyu da agogo, har ya daidaita tsakanin daƙiƙa 80 da 90.

3 ga Maris: zama na uku

Samun dama ta uku bai zo da sauƙi ba, Hajiyar ce ta sa baki. Na zauna a baya a matsayin baƙo. A minti na uku ya juya ga dattijon mai motoci ya ce: "Ranka ya daɗe, a watan Janairu ka ce hanya ce ke kashe tumatir. Ni ma haka na ɗauka shekara ashirin." Ya kashe allon, ya ci gaba:

"A Fabrairun bara mota ta taso mini daga Kadawa da kwandunana, a bayanta kuma akwai kiret arba'in na wani abokina da ya roƙi a rage masa hanya. Gona ɗaya aka tsinko su, safiya ɗaya. Motar ta lalace a Mokwa, ta kwana a gefen titi, ba ta shigo Mile 12 ba sai asubar kwana na huɗu. Kafin ta tsaya na ga ruwa na ɗiga ta ƙarƙashinta, na ce a raina ni da abokina duka mun yi asara. 'Yan dako suka sauke jerin sama, da dama-dama. Da suka kai na ƙasa, na tura hannuna cikin kwando, ya nutse har wuyan hannu ban taɓa tumatir mai ƙwari ba. Sannan aka sauke kiret ɗin abokina. Na tsaya a kansu da kaina ina neman abin da zan yi masa jaje da shi. Bokiti biyu muka tsince a cikin arba'in ɗin. Ya sayar ya tafi kafin hantsi, ni ina nan har azahar ina roƙon masu abinci su saya. Daga ranar na fara aunawa ina rubutawa, don in san ko sa'a ce ya yi. Ga abin da lodi goma sha biyu suka nuna."

Ya kunna allon, jadawalin ya bayyana, ya yi shiru na ɗan lokaci ya bar su su karanta. Na duba agogo, daƙiƙa 85. Bayan haka ya yi bayanin dalili a jimla uku: a kwando nauyin na sama a kan tumatir ɗin ƙasa yake sauka, tsinkayen saƙar suna huda fata, kiret kuwa a kan kusurwowin ɗan'uwansa yake zama, kuma iska na ratsa shi ta ramukan jikinsa.

Tambayoyin da suka biyo baya sun sha bamban da na baya. Ɗan canjin ya nemi ganin littafin, aka miƙa masa, ya yi ta buɗawa. Dattijon mai motoci bai ce ya sauya ra'ayi ba, amma ya yi tambayar da ta fi kowace nauyi: kwando idan ya iso Legas an gama da shi, kiret kuwa sai an mayar da shi Kano, wa zai biya kuɗin komawarsa fanko, kuma wa zai biya wanda ya ɓata ko ya karye a hannun mai haya? Ɗan gwarin yana da amsar ta farko, cewa kiret ɗin na shiga cikin juna idan babu kaya, don haka ba sa cin wuri sosai a motar da ke komawa. Ta biyun ba shi da cikakkiyar amsa, kuma ya faɗi hakan.

Sakamako

Kwana biyar bayan zaman, kafin a kama azumi ranar 11 ga Maris, sakataren ya kira shi. Wani daga cikinsu ya riga ya buga wa abokin nasa waya, ya ji labarin Mokwa daga bakinsa, har da bokiti biyun. Ƙungiyar ta amince da kiret 400 a maimakon 1,000, bisa sharaɗin cewa a kayansa kaɗai zai yi amfani da su a kakar farko, ba haya, kuma zai kawo littafin awo kowane wata. Dattijon mai motoci ya ce a riƙa sa fankon kiret ɗin a motocinsa masu komawa, a kan kuɗin da za su daidaita.

Hukunci

A ganina jawabin farko ya faɗi ne saboda lambobin sun nuna bambanci ba tare da sun rufe ƙofar wani bayani ba, don haka kowa ya cike gurbin da abin da ya riga ya sani. Na biyu ya faɗi saboda an zaɓi labarin ne bisa yadda yake taɓa zuciya, ba a tambayi abin da yake tabbatarwa ba, sai ya tabbatar da maganar abokin gardama, ya cinye kusan rabin lokacin, ya kuma sauya matsayin mai magana a idon masu kuɗi. Alamar irin wannan faɗuwa a bayyane take: idan aka gama, mutane suna magana a kan mai jawabin, suna jajanta masa ko suna yaba masa, babu mai tambaya a kan harkar.

Na uku ya yi aiki ne domin labarin ya ɗauki sharaɗin da masu ja suka kafa, wato rana da jinkiri, ya nuna shi a kan mazubi biyu a lokaci ɗaya. Ya zo daidai inda shakka take, bai wuce minti ɗaya da rabi ba, mai ba da shi ya fito a cikinsa a matsayin wanda ya yi kuskure, abin da ya ba dattijon damar sassautowa ba tare da an kunyata shi a gaban tsaransa ba, kuma akwai mutum mai rai da za a iya kira a tambaya. Na fi ba wannan na ƙarshe muhimmanci fiye da yadda masu koyar da jawabi suka saba ba shi, musamman a tsakanin mutanenmu na Legas, inda kusan kowa ya san wanda ya san kowa.

Sai dai labarin yana da iyaka, kuma ƙungiyar ta gane ta da kyau. Mota ɗaya ba ta isa ta nuna yawan asarar da ake yi a kaka ba, wannan aikin lodi goma sha biyun ne, waɗanda su ma ba su da yawa, kuma shi da kansa ya auna su. Labarin bai ce komai ba game da haya, ko ɓatan kiret, ko kuɗin komawa, kuma a kan waɗannan ne aka rage masa 600. Wannan gurbi laifina ne tare da shi, domin mun kashe mako uku a kan daƙiƙa 85, muka ba shafin haya yamma ɗaya. Da ya koma da littafinsa a zaman watan Mayu, kiret 388 ya lissafa, goma sha biyu sun ɓata tsakanin Kadawa da Mile 12, kuma a kan su aka shafe minti goma na tambayoyi.